Shafi Biyun da Na Tsallake

Jan biron Malama ne ya fara gaishe ni kafin ita ta ɗago kai. Shafi goma sha ɗaya na rubuta, ba wanda ta bari da farinsa. A can sama ta zana maki talatin da huɗu, ta kewaye shi sau biyu kamar wani zai sace.

"Zauna mana," ta ce.

Na zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ofishin nata ɗan ƙarami ne, fanka na juyi tana ɗaga gefen takardu, ga darduma a naɗe a kan kabad.

Ni malamar firamare ce. Shekara goma sha shida ina fama da 'yan aji huɗu, shekaruna arba'in ba ɗaya. Digirin nan na ƙarshen mako nake yi, Juma'a da yamma da wunin Asabar, kuma kwas ɗaya tak ya rage mini, wanda ake nazarin addini a cikin zamantakewar mutane. Ba a yin jarrabawa a kwas ɗin, maƙala ɗaya ake rubutawa. Wanda ya ci arba'in ya wuce, wanda bai ci ba sai baɗi.

"Karanta mini tambayar," in ji Malama.

Na karanta. An ce a kwatanta nazariyyoyi uku da masana suka kawo game da ja-da-bayan addini a wannan zamani, a nuna ƙarfin kowace, a nuna sukar da aka yi mata.

"To ina ƙarfin?"

"Ranki ya daɗe, ai ba su da shi."

Ta cire tabarau ta yi dariya har da dafa tebur. Raina ya ɓaci, don ni ban ga abin dariya ba. Sati uku na yi ina rubutun nan, har da ayoyi na kawo.

"Wa'azi kika rubuta," ta ce, "kuma wa'azin ya yi daɗi, ni ma na ƙaru. Amma ba shi na tambaya ba. Kin haɗa su uku kin yi musu duka da sanda ɗaya, alhali su kansu ba sa jituwa, ta biyun ma don ta ƙaryata ta farkon aka kawo ta. Saurara. Ba ɗaya a cikinsu da ta ce addini gaskiya ne ko ƙarya ne, wannan ba huruminsu ba ne. Abin da suke tambaya shi ne mutum nawa ke zuwa wurin ibada, a ina, tun yaushe, me ya sa suka ragu ko suka ƙaru. Ban ce ki yarda da su ba. Ki faɗi abin da kowace ta gani daidai, yadda mai ita zai ji ya ce e, haka nake nufi. Sannan ki soke ta."

Ta ba ni zuwa Alhamis da ƙarfe goma sha biyu. Ranar Asabar ce. Na yi godiya a baki, na fito ina tsaki ƙasa-ƙasa har bakin titi.

Abin da ban gaya wa Malama ba shi ne ba ita kaɗai ke duba rubutuna ba. Akwai Baba.

Babana ladan ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana kiran salla a masallacin layinmu, tun da ɗan yatsa a kunne har aka kawo lasifika. Idonsa ya mutu shekara biyar da suka wuce, sai haske da duhu kawai yake rarrabewa, amma taku tamanin da ke tsakanin ƙofar gida da masallaci ba ya neman ɗan jagora. Gidan aurena layi biyu ne daga nasa, kullum bayan la'asar ina can tun rasuwar innarmu. Sunan mahaifiyarsa aka saka mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Tun da na fara karatun nan ya kafa doka: ba takardar da za ta bar hannuna zuwa jami'a sai na karanta masa ita daga farko har ƙarshe. Yana zaune a kan kujerarsa ta roba, sanda tsakanin gwiwoyi, yana gyaɗa kai. In na gama ya karɓa, ya ɗora tafin hannu a kai ya yi addu'a. Har ta lissafin ƙididdiga sai da na karanta masa, ya yi barci sau biyu ya ce shi dai tunani yake yi. Maƙalar farkon nan mai maki talatin da huɗu kuwa, har "Allahu Akbar" ya yi a tsakiya.

Sai kuma Auta, ƙanena. Shi ne abin da ya tsaya mini a maƙogwaro.

Auta injiniya ne, shekara tara yana aiki a wata ƙasa mai sanyi. Yaron da Baba ke ɗauka a kafaɗa zuwa sallar asuba, wanda ya fara kiran salla yana ɗan shekara goma sha ɗaya har mata na leƙowa ta katanga. Shekara biyu da suka wuce ya zo hutu na sati biyu. A kwana na huɗu na lura. Ana tada salla sai ya shige ɗaki ya ce zai yi a ciki, ni kuwa na shiga shara na tarar da dardumar da na ajiye masa tana nan da ninkin da na yi mata. Na ritsa shi a kicin, ludayi a hannuna.

"Kai, ka daina salla ne?"

Bai yi musu ba. Da ma ya yi musun.

"Yaya, ban yi faɗa da kowa ba," ya ce. "Ban karanta wani littafi na canza ba. Aiki ne, a ce yau ta wuce ni, gobe ma haka. Ba kira, ba mai tambaya, duk wanda ke kusa da ni yana harkarsa lafiya lau. Wata rana na duba na ga na yi wata uku."

Na kai masa ludayin a kafaɗa. Na yi kuka, na zage shi, na sa ya yi mini alkawari Baba ba zai taɓa ji ba. Tun da ya koma wayarsa ta yi nisa. In ya kira, minti biyu ne, a gaisa a kashe.

To ga abin da ya sa na rubuta wa'azi. Ranar da Malama ta fara bayanin nazariyya ta farko a aji, wadda ta ce ci gaban zamani na rage addini, ji na yi kamar ta laɓe a ƙofar kicin ɗinmu. In na rubuta ƙarfinta, Auta na rubuta. In na rubuta kuma sai na karanta wa Baba, Baba kuwa makanta ce kawai ta same shi, kansa ras yake. In ban rubuta ba, shekara guda ta tafi, abokan karatuna su sa rigar yaye ni ina kallo.

Ranar Lahadi na baje littattafai a kan tabarma, maigidana ya kwashe yara ya kai su gidan yayarsa. Na ce bari in yi abin da aka ce, na Baba in san yadda zan yi da shi daga baya.

Na fara da ta biyu don ita ce ba ta ci mini rai. Masu ita suna cewa buƙatar addini ba ta raguwa a zukatan mutane, masu kawo shi ne ke yin sanyi ko zafi. Inda gwamnati ta rungumi ɗarika ɗaya ta hana sauran motsi, malamanta sai su miƙe ƙafa, wuraren ibada su zama kango. Inda aka bar kowa ya buɗe nasa, sai a yi ta rige-rigen jan jama'a. Ƙarfinta shi ne ta bayyana yadda Amurka, da duk arzikinta da ci gabanta, ta daɗe tana cika wuraren ibada fiye da yawancin Turai. Sukar kuma, akwai ƙasashen da addini ɗaya ne ya mamaye amma sahu a cike yake, kuma daga baya an gano ma'aunin lissafin da aka yi ta kafa hujja da shi yana da matsala. Ga shi ta ɗauka buƙatar ba ta canzawa ba tare da ta gwada ba.

Ta uku ta ce a dubi yadda mutum ya tashi. Wanda ya girma cikin fargabar yunwa da ciwo da rashin tabbas ya fi riƙe addini. Wanda ya girma da asibiti da albashi da fansho, riƙonsa kan yi sako-sako. Sun yi tambayoyi a ƙasashe da dama, kuma sun warware wani abin mamaki: ƙasashe masu arziki na ja da baya, amma masu addini a duniya ƙaruwa suke yi, don inda ake riƙe da shi an fi haihuwa. Sukar ita ce tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba, kuma arzikin ƙasa suke aunawa, ba fargabar da ke cikin zuciyar mutum ba. Akwai ma ƙasashen mai da suka yi kuɗi ba su saki ba.

Ta farkon sai ranar Talata na iya taɓa ta, a ɗakin malamai lokacin hutun tara, 'yan ajina na ihu a fili. Shafi biyu ne ƙarfin nata. Na rubuta ina jin haushin kowane layi, don kowane layi daidai ne. Na kai aka buga mini, na ɗauko.

Laraba bayan la'asar na shiga gida. Baba na tsakar gida a inuwa, rediyo a kashe a gefensa.

"Uwata ce? Takun nan na mai ɗauke da takarda ne."

"Baba, takarda har nauyi gare ta?"

"A wurinki dai. In kin ci jarrabawa kamar akuya kike shigowa, in kina tsoro kamar kaza."

Na gaya masa an dawo mini da waccan, an ce in sake. Ya ce ikon Allah, wannan mai daɗin? Na ce ita fa. Na jawo kujera na fara.

Na karanta gabatarwa. Na karanta bayanin nazariyya ta farko a taƙaice, cewa in zamani ya ci gaba tasirin addini kan ragu. Da na iso kan shafi na uku sai na lashi yatsa, na haɗa shi da na huɗu na juya su tare, na yi ɗan tari don ya rufe ƙarar. Na faɗa kan suka da ƙarfina. Na ce daga tarihin Kiristocin Turai aka gina ta aka yafa wa duniya duka. Na ce a wurare da yawa zamani ya zo addini kuma ya ƙara ƙarfi. Na ce ta cakuɗa abu uku da ba dole su tafi tare ba: rabuwar hukumomi da addini, raguwar masu ibada, da komawar addini harkar mutum shi kaɗai. Na ce tana ɗauka a da kowa mai ibada ne, alhali ba a tabbatar ba.

"Wannan ta ƙarshen gaskiya ce," in ji Baba. "Lokacin da na fara kira, asuba mu biyar ne, biyu a ciki gyangyaɗi suke yi. Masu cewa mutanen da, mutanen da, ni na ga mutanen da."

Na ji daɗi, na ce to an wuce wurin. Na shiga ta biyu. Da na zo kan rige-rige sai ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi.

"Liman! Wallahi liman ɗinmu ne. Shekara ashirin yana karanta mana abu ɗaya, ranar da samarin can suka buɗe nasu masallacin a bayan kasuwa, sai ga shi da sababbin littattafai har da tabarau. Kada ki sa sunansa."

"Ba zan sa ba."

"Amma su ce mana 'yan kasuwa, wannan kuma rashin kunya ce. Ci gaba."

A ta uku bai yi dariya ba. Ya ce shekarar da aka rufe masaƙa, sahun azahar har waje. Da aka buɗe wata ma'aikatar suka ragu. Sai ya ce amma mai kantin kayan gini, wanda ba abin da ya rasa a duniya, shekara talatin bai taɓa rasa sahun farko ba, shi kuma tsoron me yake ji? Na ce Baba ai ka shiga suka tun ban kai ba. Na karanta kammalawa, na daidaita takardun a gwiwa na miƙa masa.

Bai miƙo hannu ba.

"Saura," ya ce.

"Saura me? Na gama."

"Ta biyu kin yabe ta kin soke ta. Ta uku kin yabe ta kin soke ta. Ta farko duka kawai ta sha. Ba don haka aka dawo miki da waccan ba?"

"Baba, gajeriya ce."

"Uwata, takarda ɗaya in an juya ta daban take kuka, biyu daban. Tarin nan naki ma bai iya ƙarya ba."

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama faɗa, haka nake tun ina yarinya. Na ce shi wai dole ne sai ya ji komai? Na ce maganar mutanen wata duniya ce, ba ta shafe mu ba, hawan jininsa ma bai sauka ba tun makon jiya. Na ce ni na gaji, karatun ma in an ga dama a riƙe shi. Ya bar ni na zazzage tas.

"Kin gama? To karanta. Ba na sa hannu a kan abin da ban ji ba."

Na buɗe shafi na uku.

Na karanta cewa abin da nazariyyar ta fi gani daidai shi ne rabuwar ayyuka. A da makaranta da shari'a da magani da taimakon gajiyayyu duk ta ƙofar wurin ibada suke bi, yanzu kowanne ya koma gidansa da nasa dokokin, kuma ko masu sukarta sun yarda da wannan.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Da yaro ya yi zazzaɓi nan ake fara kawo shi. Yanzu sai an dawo daga asibiti ake biyowa, in an biyo. Ban ce laifi ba ne. Yaran sun fi rayuwa."

Na karanta cewa a ƙasashen da aka daɗe ana ƙidaya, masu zuwa ibada sun yi ta raguwa shekara da shekaru, kuma raguwar ba ta zuwa da hayaniya. Yawanci ba manya ne ke fita ba, 'ya'ya ne ke tasowa ba su kai iyayensu ba, jikoki ba su kai 'ya'yan ba. Sai na zo sakin layin da na fi tsoro. Ya ce imani yana jingina da jama'a. Inda kowa ke yi, mutum ba ya ma tambaya. In ya koma inda maƙwabcinsa na dama ke wani addinin, na hagu ba ya komai, kuma duk suna zaune lafiya, abin da yake dole a da sai ya zama zaɓi. Da yawa ba sa fita da gardama ko ƙiyayya. Sakaci ne ke taruwa, ba mai kira ba mai tambaya, har mutum ya duba ya ga an daɗe.

Ban iya ƙarasa layin ƙarshe ba. Hawaye ya ɗiga a kan takardar da na biya aka buga, na goge da gefen mayafi ina jin haushin kaina.

Baba ya sunkuya ya lalubo sandarsa a ƙasa, ya mayar tsakanin gwiwoyi.

"Wanda ya rubuta wannan ya san Auta ne?"

Na ɗago na dube shi.

"Sati biyu ya yi a ɗakin can," ya ce. "Ni da nake gane mutum da ƙarar butarsa. Kwana biyun farko ya yi ta zuba ruwa a ƙasa don in ji. Daga baya ko wannan ya daina, ina jin kunya ce ta hana shi. Na kuma ji ludayi."

"Baba, ka sani? Shekara biyu?"

"Ke kina ɓoye mini, ni ina ɓoye miki. Na ce Uwata ga aiki ga yara ga karatu, kada in ƙara mata."

Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na yi kukan da na daɗe ina bin kaina. Ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan. Tausayinsa ya kama ni fiye da nawa, tsoho yana fita asuba yana kiran mutanen layi guda, ya san nasa ɗan ba ya amsawa.

Da na lafa sai ya ce, "Tambaya zan yi, ki ba ni amsar makaranta, ba ta 'ya ba. A cikin ukun nan, wace ce ta ce irinsu suna dawowa?"

Wallahi na so in yi ƙarya. Ta biyun tana nan a hannu, in ce masa buƙatar ba ta mutuwa, shi ke nan ya yi barci da daɗi. Amma ya ce amsar makaranta.

"Ta farko ta ce yawanci ba sa dawowa, kuma 'ya'yansu sun fi su nisa. Ta biyu ta ce suna iya dawowa in sun sami masu jan su da kyau. Ta uku ta ce yadda mutum ya tashi yana bin sa har girma, kuma tsanani kan sa wasu su waiwayo." Na ja hanci. "Amma Baba, duk cikinsu ba wadda ta san mutum ɗaya. Dubbai suke ƙirgawa. Za su iya cewa cikin ɗari kaza za su tafi, ba za su iya cewa wane ne ba."

"Ba su san Auta ba ke nan."

"Ba su san shi ba."

"Wannan yana cikin takardar?"

"A'a."

"To ki sa. Ba suka ba ce, iyakarsu ce, kowa da inda idonsa ya tsaya." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Ya ɗora tafinsa a kan shafukan ya yi addu'ar da ya saba, bai rage ba bai ƙara ba. Sannan ya tashi don magariba ta gabato, na ji sandarsa na ƙwanƙwasa dakali har ya fita.

Da safe na roƙi shugabar makarantarmu awa biyu. Na ƙara sakin layi ɗaya a kammalawa, aka sake bugawa, na isa ofishin Malama saura minti ashirin. Ta buɗe a gabana, ta wuce kai tsaye shafi na uku, ta karanta tana taɓa baki da jan biron nan. Ta ce in tafi, za a kafe sakamako. Bayan kwana tara aka kafe, na sami sittin da biyu. A gefen shafi na huɗu ta rubuta, "Yanzu kin kwatanta." A ƙasa kuma ta ce sukar ta uku ta yi gajarta. Ita dai ba a iya mata.

Ranar da na kai wa Baba labari ya yi hamdala, ya ce in ba shi waya.

"Wa za a kira?"

"Ƙanenki."

Na ce Baba don Allah kada ka yi masa faɗa, zai ce ni na faɗa, ƙara nisa zai yi.

"Faɗa ai ke kin yi mana, har da makami," ya ce. "Shekara biyu duk kiran da ya yi sai na ce masa akwai masallaci kusa da kai? Ya ce akwai. In ce madalla. Ni na san abin da nake tambaya, shi ya san abin da yake amsawa. Wa zai so kiran da kullum sai an sa shi ya sunkuyar da kai? Takardarki ta ce ba mai kira ba mai tambaya. Ni tambayar na yi ta yi, kiran ne ban yi ba."

Na danna lambar na sa a lasifika na ɗora masa a tafin hannu. Ta yi ta ƙara har na ce ba zai ɗauka ba. Sai ga muryarsa, a ɗarare, da ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya? Lafiya?"

"Ni ne," in ji Baba.

"Baba! Ina wuni? Wani abu ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Yayarka ta ci jarrabawa, za a yi bikin yaye su nan da wata uku. Ni ba gani zan yi ba, ina son wanda zai zauna kusa da ni ya riƙa gaya mini abin da ake yi. Ita ka san ta, in ta ba da labari rabi faɗa ne."

Auta ya yi 'yar dariya. Ina jin numfashinsa. Jira yake a yi masa tambayar nan, ni ma ita nake jira. Baba ya gyara riƙon wayar da hannu biyu.

"Baba," Auta ya ce, muryarsa ta sauka, "akwai maganar da ban taɓa..."

"Na sani, ɗana. Na daɗe da sani. Ka zo a yadda kake, ɗakinka na nan."